Kati, kota, fasfo da kwantiragi: jadawalin da ke tuna wa ofis kafin takardun baƙon ma'aikaci su mutu

Wanda ya saba zirga-zirga a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa a Kano ya san cewa kusan duk masana'antar da injinanta ke ruri, akwai baƙo ɗaya ko biyu a ciki. Wani Ba'indiye ne mai kula da injin narka roba, wani ɗan Sin ne da ya zo tare da na'urar da aka sayo, wani Balabane ne da ke riƙe da sashen kuɗi. Haka abin yake a manyan ayyukan gwamnati, irin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal yake yi, ko na Kaduna zuwa Kano da ke hannun CCECC na ƙasar Sin. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane yana zaune a Najeriya ne bisa takardu, kuma kowace takarda tana da ranar mutuwarta.

A ofisoshi da yawa, waɗannan ranaku suna zaune ne a wuri biyu: cikin fayil a durowa, da cikin kan akawu ɗaya wanda ya daɗe a wurin. Muddin baƙin ba su wuce uku ba, kuma akawun bai tafi hutu ba, abin yana tafiya. Da sun kai goma sha biyar, kowa da matarsa da 'ya'yansa, sai a wayi gari an ga kati ya mutu tun makon jiya, ga mai shi yana da tikitin jirgi na jibi.

Maganin da ofisoshi ke bi ba wani abu ne mai tsada ba. Jadawali ne a kwamfuta, galibi a Excel ko Google Sheets, wanda ake zuba ranakun a ciki, yana ƙirga kwanaki da kansa, yana sauya launi idan lokaci ya matso. Sai dai irin wannan jadawali yana iya zama kore shar alhali takardar ta riga ta mutu, kuma dalilin hakan kusan kullum biyu ne: ko dai ranar da aka shigar ba ita ce ta gaskiya ba, ko kuma jadawalin yana kallon ranar mutuwar takarda maimakon ranar da ya kamata a fara neman sabuntawa.

Takardu huɗu da ke riƙe da juna

Kafin kamfani ya ɗauki baƙo aiki na dogon lokaci a Najeriya, sai ya sami izini daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wanda mutanen ofis ke kira kota. Kota ba ta mutum ba ce, ta kamfani ce, kuma tana ɗaure da muƙami: gurbin injiniyan lantarki guda ɗaya, gurbin manajan sarrafa kaya guda ɗaya, na wa'adin shekaru kaza. Tare da ita akwai sharaɗin a ajiye 'yan ƙasa su koyi aikin a ƙarƙashin baƙon, kuma kamfani ya riƙa kai wa Hukumar Shige da Fice rahoto duk wata game da waɗanda ke zaune a guraben.

Da wannan kota ce ma'aikacin ke samun bizar shigowa, wadda aka fi sani da STR. Idan ya sauka, yana da kwana 90 ya daidaita zamansa, wato ya nemi katin zama da aiki mai suna CERPAC daga Hukumar Shige da Fice. Katin nan shi ne abin da jami'i zai fara tambaya. Yawanci shekara-shekara ake sabunta shi, kuma ba shi da araha: a ƙarshen 2018 aka ɗaga kuɗinsa daga dala 1,000 zuwa dala 2,000. Dokar Shige da Fice ta 2015 da ƙa'idojinta na 2017 su ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya.

Ta uku ita ce fasfon mutumin, wanda ƙasarsa ta ba shi, kuma ita ce kaɗai za ta sabunta. Ta huɗu ita ce kwantiragin aiki tsakaninsa da kamfani.

Abin da ya sa lamarin ke da wuyar riƙewa a ka shi ne, takardun nan huɗu daga hannu huɗu suka fito, kowace da kalandarta, amma kowace tana dogaro da 'yar'uwarta. Ba a sabunta kati a kan kotar da ta mutu. Hukumomi kuma suna son ganin fasfo da ke da sauran aƙalla wata shida. Kamfani ba zai so ya biya dubban daloli a kan katin mutumin da kwantiraginsa zai ƙare nan da wata uku ba tare da an yanke shawarar ko zai ci gaba ba. Sarƙa ce, kuma duk inda ta tsinke ma'aikacin ne ke fara ji a jikinsa, domin shi ake tsarewa a filin jirgi, ba akawun ba.

Hukuncin ma ya ƙara tsanani. A 2025, Ministan Harkokin Cikin Gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar da sababbin tsare-tsare, ciki har da neman biza da katin zama ta intanet, da tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan izininsa ya ƙare, da haramcin shigowa ƙasar na shekaru ga wanda ya daɗe sosai. Kuma mutanen Kano ba su manta da watan Mayun 2012 ba, lokacin da jami'an shige da fice suka kama 'yan Sin 45 a kasuwar Kantin Kwari. Can maganar irin sana'ar da suke yi ce, ba ta ranar ƙarewar takarda ba, amma ta nuna cewa hukumar tana fita duba takardu, ba zama kawai take yi a ofis ba.

Ciro ranar daga takarda

Aikin da ya fi cin lokaci, kuma wanda aka fi rainawa, shi ne ɗauko ranar daga takarda zuwa jadawali. Ƙa'idar farko ita ce a ɗauko daga ainihin takardar ko hotonta mai kyau. Ba daga tsohon jadawalin wanda ya bar aiki ba, ba daga saƙon waya da ma'aikacin ya turo yana cewa katinsa sai watan takwas ba.

Fasfo ne ya fi sauƙi, domin ranar tana rubuce sau biyu a shafin hoto. Akwai wadda ido ke karantawa a sama, akwai kuma layuka biyu na haruffa da lambobi a ƙasan shafin, waɗanda aka yi domin na'ura. Tsarinsu ɗaya ne a duk duniya, bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Kowane layi yana da gurbi 44. A layi na biyu, gurbi na 22 zuwa na 27 su ne ranar ƙarewar fasfon, a jere haka: shekara, wata, rana, kowanne lamba biyu. Fasfon da zai mutu ranar 14 ga Satumba 2026 zai nuna 260914.

Lambar da ke biye, a gurbi na 28, ita ce mai gadin sauran. Ana samunta ne ta hanyar ninka lambobin shida da 7, 3, 1, 7, 3, 1 bi da bi, a tara, a ɗauki lambar ƙarshe. A misalin nan: 2 sau 7 ya ba da 14, 6 sau 3 ya ba da 18, sifiri sau 1 sifiri ne, 9 sau 7 ya ba da 63, 1 sau 3 ya ba da 3, 4 sau 1 ya ba da 4. Jimla 102, lambar ƙarshe 2. Idan akawu ya kwafi ranar ya yi wannan lissafi bai sami abin da ke gurbi na 28 ba, to ya yi kuskuren kwafi. Wannan yana da amfani musamman ga ofishin da ke amfani da manhajar karanta rubutu daga hoto, domin idan hoton ya dushe tana iya ɗaukar 3 a matsayin 8, ko 1 a matsayin 7, ba tare da ta nuna wata shakka ba. Idan an zuba layin na biyu gaba ɗaya a gidan `K2`, wannan dabarar tana fitar da ranar kai tsaye:

```
=DATE(2000+MID(K2,22,2),MID(K2,24,2),MID(K2,26,2))
```

Katin zama yana ɗauke da ranar bayarwa da ranar ƙarewa, sai dai a kula kada a musanya su. Wahalar tana wajen takardar kota da kwantiragi, domin su sau da yawa ba sa faɗin ranar ƙarewa ƙarara. Takardar kota tana iya cewa an amince da gurbin na shekara biyu daga rana kaza, kuma wannan ranar ba lalle ba ne ta zama wadda aka buga a saman wasiƙar. Wanda ya ƙirga daga ranar wasiƙa alhali wa'adin ya soma tun kafin nan, ya ƙara wa kamfaninsa watannin da hukuma ba ta ba shi ba. Kuma wasiƙa ɗaya tana iya ɗaukar gurabe da yawa, yayin da kamfani ɗaya yake da wasiƙu uku ko huɗu da aka samu a shekaru daban-daban. Dole a san gurbin wannan mutum a wace wasiƙa yake.

Kwantiragi kuma yakan ce wata 24 daga ranar fara aiki. To yaushe ce ranar fara aiki? Ranar sa hannu, ko ranar da ya sauka a ƙasar, ko ranar da ya fara zuwa masana'anta? Amsar tana cikin kwantiragin, sai an karanta. Idan ranar sauka ce, hatimin shigowa da ke cikin fasfo ne shaida. Da an tabbatar da ita, sai a bar kwamfuta ta ƙirga. Idan ranar farawa tana `B2`:

```
=EDATE(B2,24)-1
```

Cire kwana ɗayan nan ba ado ba ne. Kwantiragin wata 24 da ya fara 1 ga Satumba 2024 yana ƙarewa ne ranar 31 ga Agusta 2026, ba 1 ga Satumba ba. A cikin kwantiragin kuma akwai wata rana da ba a rubuta da lamba ba amma ta fi ranar ƙarewa muhimmanci, wato wa'adin sanarwa. Idan an ce duk ɓangaren da ba ya son sabuntawa ya sanar wata uku kafin ƙarshe, to ainihin ranar yanke shawara ita ce 31 ga Mayu. Wasu kwantiragin ma suna sabunta kansu idan ba wanda ya ce komai.

Ranar da kwamfuta ta fahimta daban

A nan ne ofisoshi masu tsari ma suke faɗawa rami. A Najeriya da Nijar da Indiya, idan aka rubuta 08/05/2026 ana nufin 8 ga Mayu. A Amurka ana nufin 5 ga Agusta. Kwamfutoci da yawa da ake sayarwa a kasuwanninmu suna zuwa ne da saitin Amurka, kuma ba wanda ya damu ya sauya. Akawu zai buga 08/05/2026 yana nufin Mayu, Excel ya ajiye Agusta, a allo kuma a ga 08/05/2026 ɗin nan dai, babu abin da zai ja hankali. Tsakanin 8 ga Mayu da 5 ga Agusta kwana 89 ne. Da za a auna su da tarar dala 15 a rana, dala 1,335 ke nan a kan mutum ɗaya, ban da tashin hankali.

Akwai kuma ɗaya fuskar matsalar, wadda ta fi ɓoyuwa. A kwamfutar da ke da saitin Amurka, idan aka buga 30/06/2026, Excel zai nemi wata na talatin ya rasa, sai ya ajiye abin a matsayin rubutu kawai, kamar suna. A wajen Excel, kwanan wata lamba ce da ake ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1900. 1 ga Janairu 2025, alal misali, ita ce 45658. Abin da ba lamba ba ba ya shiga lissafi. Wasu dabarun za su nuna `#VALUE!` a gane da matsala, amma `MIN`, wadda mutane ke amfani da ita don nemo ranar da ta fi kusa, tsallake rubutun take yi shiru, ta kawo wadda ke biye. Kotar da za ta mutu a watan Yuni sai ta ɓace daga lissafi, jadawali ya ce sai Agusta.

Ana iya gane wannan da ido. Idan ba a taɓa saitin gidan ba, ranar gaskiya tana jingina dama, rubutu yana jingina hagu. Jerin ranaku da wasu suka koma hagu wasu dama alama ce cewa duk jerin abin zargi ne: na hagun ba su shiga ba, na daman kuma wataƙila an juya musu wata da rana. Kariya mafi sauƙi ita ce a sa jerin ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, da tsarin `dd-mmm-yyyy`. Wanda ya buga Mayu ya ga `Aug` ya fito, nan take zai farga. Bayan haka, mutum na biyu ya ɗauki takardun ya karanta da baki, na farko yana duba allo. Aikin rabin sa'a ne ga baƙi ashirin, kuma babu wata dabarar kwamfuta da ke maye gurbinsa.

Fasalin jadawalin

Yawancin mutane suna fara jadawali da layi ɗaya ga kowane ma'aikaci, su jera ranakunsa huɗu a gefe. Yana da kyan gani, amma ya fi amfani a ba kowace takarda layinta. Mutum ɗaya zai ci layi huɗu, matarsa ta ci biyu, kowane yaro biyu, tunda su ma suna da fasfo da izinin zama da ke rataye da nasa. Amfanin wannan shi ne ana iya tsara jadawalin gaba ɗaya daga abin da ya fi gaggawa zuwa wanda ke nesa, kuma kowane layi yana da mutum ɗaya da aka ɗora wa alhakinsa.

Jeri kaɗan sun isa: suna kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfo don kada a haɗa masu suna iri ɗaya, irin takardar, ranar ƙarewa a jerin `D`, yawan kwanakin da ake bukata don sabuntawa a jerin `E`, sannan ranar fara aiki a jerin `F`, wadda ita ce `=D2-E2`. Sai jerin hali:

```
=IF(NOT(ISNUMBER(D2)),"A DUBA",IF(D2<TODAY(),"YA WUCE",IF(F2<=TODAY(),"A FARA","LAFIYA")))
```

Tambayar farko da dabarar ke yi ita ce ko abin da ke gidan ranar lamba ce ta gaske. Idan rubutu ne, ko an bar gidan fanko, sai ta ce a duba, maimakon ta yi shiru. Wannan guntun shi ne ya raba jadawalin da za a iya dogara da shi da wanda ake yi don a nuna wa manaja. Daga nan sai a yi amfani da `Conditional Formatting` a ba kowane hali launinsa, ja ga wanda ya wuce, ruwan ɗorawa ga wanda ya kamata a fara, wani launi mai ɗaukar ido ga wanda ke bukatar dubawa.

Jerin `E` kuwa ba doka ce ke cika shi ba, ƙwarewar ofis ce. Kowane kamfani ya duba tsofaffin fayilolinsa ya ga kwana nawa sabuntawar ta ɗauka a bara da bara waccan, ya ɗauki mafi tsawo, ya ƙara a kai. Sanya kwana 30 ga kowace takarda, kamar yadda ake yawan yi, kuskure ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gorunan nan ba girmansu ɗaya ba.

Injiniya ɗaya, ranaku huɗu

A ɗauki misali: injiniya daga Indiya a wata masana'antar roba a Sharaɗa. Katinsa zai mutu 8 ga Mayu 2026. Kotar gurbinsa za ta ƙare 30 ga Yuni. Kwantiraginsa zai ƙare 31 ga Agusta, da sanarwar wata uku. Fasfonsa zai mutu 14 ga Satumba.

Wanda ya dubi ranakun a jere zai ce a fara da kati, a gama da fasfo. Akasin haka ne daidai. Ranar da katin zai mutu, saura wa fasfon kwana 129 kacal, bai kai wata shida ba. Tun 14 ga Maris ya faɗo ƙasa da wannan iyaka. Kotar kuma saura mata kwana 53. Wato duk takardun da za a jingina neman sabon kati a kansu suna kan gargara. Takardar da ranarta ta fi nisa ita ce ke bukatar a fara motsi a kanta.

Idan ofishin ya ba fasfo kwana 270, jadawali zai ɗaga tuta ranar 18 ga Disamba 2025, injiniyan ya nufi ofishin jakadancin ƙasarsa da isasshen lokaci. Idan ya ba kota kwana 180, gargaɗinta zai fito 1 ga Janairu 2026, a fara tattara takardun haraji da bayanan 'yan ƙasar da ke koyon aikin. Kati da kwana 60 zai fito 9 ga Maris, lokacin da ake fatan sauran biyun sun kammala. Kwana sittin ɗin ma ba cikakku ba ne, domin a tsakanin 9 ga Maris da 8 ga Mayun wannan shekarar akwai hutun ƙaramar Sallah, da na Ista, da na ranar ma'aikata, ban da Asabar da Lahadi.

Kwantiragin ne ke nuna iyakar dabara. Idan aka ba shi kwana 120, gargaɗinsa zai fito 3 ga Mayu, kusan wata guda kafin wa'adin sanarwa, kuma a takarda hakan ya isa. Amma a lokacin an riga an kashe kuɗi a kan kota da kati. Tambayar ko kamfani yana son injiniyan ya ci gaba, da ko shi yana son zama, ya kamata a yi ta tun watan Disamba. Shi ya sa duk lokacin da layi ɗaya na mutum ya sauya launi, ya kamata a tace jadawalin da sunansa a kalli layukansa duka tare, har da na iyalinsa. Kwamfuta tana ƙirga kowane layi shi kaɗai. Haɗa su aikin mutum ne.

Akwai wani ƙaramin abu da ke biyo bayan sabon fasfo: lambarsa ta sauya. Idan ba a gyara ta a jadawali da rahoton wata-wata ba, takardun mutum ɗaya za su riƙa ɗauke da lambobi biyu.

Jadawalin da ba a buɗe ba

Dabarar `TODAY()` tana sabunta kanta ne idan an buɗe fayil ɗin. Fayil da ke kwance a kwamfutar akawun da ya tafi aikin Hajji ba ya kiran kowa, ba ya tura saƙo. Don haka gargaɗin yana bukatar ƙafa ta biyu. Wasu ofisoshin suna kwafe ranakun jerin `F` zuwa kalandar waya, da tunatarwa ga mutum biyu. Wasu suna sa dokar cewa duk Litinin da safe a buɗe jadawalin, a buga layukan da ba kore ba, a ajiye a teburin manaja ya sa hannu. Hanya ta biyun tsohon yayi ce, amma tana aiki ko da babu intanet, kuma tana barin shaidar cewa an gani.

Ya dace ma'aikacin da kansa ya san ranakunsa. Shi ne ya fi kowa asara, kuma shi ne zai iya cewa yana da niyyar tafiya gida a watan Afrilu, abin da zai sauya duk lissafin, tunda fasfon da ke ofishin jakadanci ba ya hawa jirgi.

Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne sauya ranar ƙarewa da zarar an miƙa takardun sabuntawa. Miƙawa ba samu ba ne. Layin ya ci gaba da zama da launinsa, a rubuta ranar miƙawa da lambar rasit a gefe, sai sabuwar takarda ta zo hannu an karanta ranarta sannan a buɗe mata sabon layi. Tsohon kuma kada a goge shi, a mayar da shi shafin tarihi. Daga nan ne za a san kwana nawa aikin ya ci a zahiri, a gyara jerin `E` na baɗi. Haka nan idan baƙo ya bar aiki, ba share sunansa kawai ake yi ba. Sai an sanar da hukuma domin gurbin kotar ya koma fanko kafin a sa wani.

Jadawalin nan yana ɗauke da sunaye da lambobin fasfo na mutane har da yara ƙanana, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin tsare irin waɗannan bayanai. Bai kamata ya riƙa yawo a zauren WhatsApp na ma'aikata ba. A kulle shi da kalmar sirri, a taƙaita masu iya gyarawa zuwa mutum biyu, a kulle gidajen dabarun don kada wani ya buga lamba a kansu bisa kuskure. Hotunan takardun su zauna a wani wuri daban mai tsaro, jadawalin ya nuna inda suke kawai, tare da sunan wanda ya duba kowace rana da ranar da ya duba ta.